Yadda sakan ke zama INR: gwajin PT da matsayin ISI a cikin lissafi

Wanda likita ya ɗora a kan wafarin, maganin da ke rage daskarewar jini, ya saba da takardar da ake miƙo masa daga ɗakin gwaje-gwaje, wadda galibi take ɗauke da lambobi biyu. Ta farko ita ce PT, ana rubuta ta da sakan, ta biyu kuma INR, wadda ba ta da wani ma'auni a gefenta. Ta farkon ce kaɗai aka auna da agogo. Ta biyun lissafo ta aka yi, kuma a cikin lissafin akwai wasu lambobi biyu da ba safai ake rubuta su a takardar ba, wato MNPT da ISI, alhali ingancin sakamakon gaba ɗaya a kansu ya rataya. Da wannan lamba ta biyu likita yake ƙara magani ko ya rage shi, saboda haka ya dace a san inda ta fito.

Gwajin PT, wato lokacin furotorombin, Armand Quick ne ya fito da shi a Amurka a shekarar 1935, kuma tsarinsa bai sauya sosai ba har yau. Ana ɗibar jini a zuba cikin 'yar kwalba mai shuɗin murfi, wadda ke ɗauke da ruwan sitiret mai ƙarfin kashi 3.2 cikin ɗari, a bisa awon kashi tara na jini da kashi ɗaya na sitiret. Aikin sitiret shi ne ya kama kalsiyam ɗin da ke cikin jini, domin jini ba ya daskarewa idan babu kalsiyam. Daga nan sai a juya kwalbar a inji har ƙwayoyin jini su kwanta a ƙasa, ruwan jinin mai launin ɗorawa ya taso sama. Ana ɗumama wannan ruwa zuwa digiri 37, daidai da zafin jikin mutum, sannan a zuba masa sinadarin gwaji da ake kira turombofilastin, wanda ya ƙunshi furotin da ke tayar da daskarewa, da wani nau'in maiƙo da daskarewar ke gudana a kansa, da kuma kalsiyam. Da zarar sinadarin ya taɓa ruwan jinin sai a danna agogo. Mai yin gwajin da hannu yana karkata bututun gilashin a hankali yana mayar da shi cikin ruwan ɗumi, idonsa a kan ruwan, har zuwa lokacin da zai ga ya daina gangarowa ya zama wani farin guda mai kama da kindirmo, sai ya tsayar da agogo. A wurin mai lafiya hakan na ɗaukar kimanin sakan 11 zuwa 14, gwargwadon sinadarin da aka yi amfani da shi.

A cikin waɗannan 'yan sakan akwai furotin guda biyar da suka yi aiki bi da bi: fakta ta VII ce ke fara haɗuwa da sinadarin, ta tayar da fakta ta X, wadda ke haɗa kai da fakta ta V su mayar da fakta ta II, wato furotorombin, zuwa turombin, shi kuma ya mayar da faibirinojin zuwa zaren da ke ɗaure gudan. Uku daga cikinsu, wato II da VII da X, hanta ba ta iya kammala ƙera su sai da bitamin K, kuma wafarin yana hana jiki sake sarrafa bitamin K ne. Wannan ne ya sa PT ya dace da bibiyar wafarin. Sai dai faktocin ba sa raguwa da sauri ɗaya. Rabin fakta ta VII na ƙarewa cikin kimanin awa shida, amma furotorombin na ɗaukar kusan kwana uku kafin rabinsa ya tafi, shi ya sa PT kan fara tsawo a kwanakin farko na shan magani tun kafin majiyyaci ya samu cikakkiyar kariya. Za mu sake komawa ga wannan batu, domin yana da alaƙa da iyakar INR.

Matsalar da ta haifi INR tana cikin sinadarin ne. Shekaru da dama ana haɗa turombofilastin daga ƙwaƙwalwar dabbobi ko ta mutum, kuma kowane haɗi yana da irin yadda yake jin raguwar faktocin jini. A Birtaniya an daɗe ana amfani da wanda aka haɗa daga ƙwaƙwalwar mutum a Manchester, ƙarƙashin jagorancin Leon Poller, kuma wannan sinadari mai saurin ji ne: faktoci na ɗan raguwa, sakan za su yi tsawo sosai. A Amurka da Kanada kuwa na ƙwaƙwalwar zomo ne ya mamaye kasuwa, kuma yawancinsa ba shi da wannan saurin ji, sai faktoci sun ragu ƙwarai kafin sakan su ƙaru da yawa. Likitocin ɓangarorin biyu suna bin ƙa'ida mai kama da juna, wato a ba da magani har PT na majiyyaci ya ninka na mai lafiya kamar sau biyu, amma ninki biyu a sinadarin zomo yana nufin magani mai yawa fiye da ninki biyu a sinadarin Manchester. A shekarar 1982 Russell Hull da abokan aikinsa a Hamilton ta Kanada suka wallafa binciken da ya fito da abin fili: a cikin masu gudan jini a jijiyar ƙafa, waɗanda aka bi da tsarin sinadarin zomo sun yi zubar jini da yawan kimanin kashi 22 cikin ɗari, waɗanda aka bi da tsari mai sauƙi irin na Manchester kuma kimanin kashi 4, alhali dawowar gudan jinin ba ta bambanta ba a tsakaninsu. A shekarar 1983 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin lissafin da Tom Kirkwood ya gabatar, wanda shi ne ake amfani da shi har yanzu.

Tunanin da ke bayan tsarin mai sauƙi ne. An zaɓi sinadari guda ɗaya, wanda aka haɗa daga ƙwaƙwalwar mutum kuma aka yi masa lamba 67/40, aka mayar da shi mudun da za a auna sauran da shi, aka ba shi ISI na 1.0. Saboda haka ma'anar INR ita ce ninkin da da an samu in da a ce da wancan sinadari na asali aka gwada jinin majiyyacin. Ga yadda ake rubuta lissafin:

```
INR = (PT / MNPT) ^ ISI
```

PT shi ne sakan na majiyyaci. MNPT shi ne matsakaicin sakan na masu lafiya, wanda kowane ɗakin gwaji ya kamata ya fitar da kansa daga jinin aƙalla manya ashirin masu lafiya, maza da mata, da sinadarinsa da injinsa, ta hanyar matsakaicin da ake samu ta logaridim. Idan aka raba na farko da na biyu an samu ninki. ISI kuma shi ne ma'aunin saurin jin sinadarin idan aka kwatanta shi da mudun asali, kuma wurin zamansa a lissafin shi ne abin da ya fi buƙatar natsuwa: ba a ninka ninkin da ISI, ɗaga shi ake yi zuwa ƙarfin ISI, wato ISI ita ce 'yar lambar da ake rubutawa a saman kafaɗar ninkin.

Dalilin hakan yana cikin yadda ake samo ISI ɗin. Mai son sanin ISI na sabon sinadari yana tara sabon jinin mutum 20 masu lafiya da na majiyyata 60 da suka daɗe a kan wafarin ko danginsa, aƙalla mako shida, har maganin ya zauna musu. Ana gwada kowane jini sau biyu, da sinadarin ma'auni da kuma sabon, sannan a zana sakamakon a jadawali, logaridim ɗin sakan na sinadarin ma'auni a layin tsaye, na sabon sinadari a layin kwance. Abin da aka lura da shi shi ne ɗigogin tamanin ɗin suna jeruwa kusan a miƙaƙƙen layi idan logaridim aka zana, abin da ba ya faruwa da kyau idan sakan aka zana kai tsaye. Ana fitar da tsayuwar wannan layi, wato yawan hawansa a duk taku ɗaya na kwance, ta hanyar lissafin da ke la'akari da cewa ɓangarorin biyu duka suna da kuskuren awo, sannan a ninka ta da ISI na sinadarin ma'aunin. Misali, idan tsayuwar layin ta kasance 1.25, ISI na ma'aunin kuma 1.08, to ISI na sabon sinadari shi ne 1.35. Ana yin wannan ninkawa ne saboda 67/40 na asali ya daɗe da ƙarewa, ma'aunan da ke hannu yanzu magadansa ne da aka daidaita ɗaya daga ɗaya. To tunda dangantakar miƙaƙƙiya ce a duniyar logaridim, ana iya rubuta ta haka:

```
log(INR) = ISI × log(PT / MNPT)
```

Ninkawa a logaridim kuwa ita ce ɗagawa zuwa ƙarfi idan aka dawo ga lambobi na yau da kullum. Akwai kuma hanya mai sauƙi ta gane cewa ninkawa kai tsaye ba za ta yiwu ba. Mai lafiya ninkinsa 1.0 ne, kuma dole INR ɗinsa ya zama 1.0 ko da wane sinadari aka gwada shi. Idan aka ninka 1.0 da ISI na 2.0 za a samu 2.0, wato a ce mai lafiya yana kan magani, amma 1.0 ko zuwa wane ƙarfi aka ɗaga shi yana nan 1.0.

Sunan ISI, wato ma'aunin saurin ji na ƙasa da ƙasa, yana ɗan ruɗar masu koyo, domin lambar tana tafiya ne akasin abin da kunne ke zato. Sinadari mai saurin ji ISI ɗinsa ƙarami ne, kusa da 1.0, mai nauyin ji kuma ISI ɗinsa babba ne, domin shi ne ke buƙatar gyara mai yawa kafin ya kamo mudu. Tsofaffin sinadaran zomo na Amurka sukan kai 2.0 ko fiye. Waɗanda ake haɗawa a masana'anta daga furotin irin na mutum, da suka shigo kasuwa a farkon shekarun 1990, galibi suna kusa da 1.0.

A ɗauka akwai wata mata da zazzaɓin da kan biyo bayan ciwon maƙogwaro ya lalata mata ƙyauren zuciya tun tana yarinya, aka yi mata aiki aka sa mata na ƙarfe a tsakanin ɗakunan hagu na zuciya. Irin wannan ciwo yana da yawa a ƙasashenmu, kuma mai ƙyauren ƙarfe ba ta da zaɓi sai wafarin har ƙarshen rayuwa, domin sababbin magungunan hana daskarewa ba su dace da ita ba. Abin da ake nema mata yawanci shi ne INR tsakanin 2.5 da 3.5, saɓanin 2.0 zuwa 3.0 da ake nema wa mai gudan jini a ƙafa. A ce an ɗebi jininta an raba shi biyu. Ɗakin gwaji na farko yana da sinadari mai ISI 1.0 da MNPT na sakan 12.0, ya samu PT na sakan 30.0. Ninkin shi ne 2.5, kuma tunda ƙarfin 1.0 ba ya sauya komai, INR ɗinta 2.5 ne. Ɗaki na biyu yana da sinadari mai ISI 2.0, shi ma MNPT ɗinsa 12.0, ya samu sakan 19.0 kacal. Ninkin shi ne 1.58, idan aka ninka shi da kansa kuma ya ba da 2.5. Jini ɗaya ne, bambancin sakan goma sha ɗaya ne a agogo, amma INR ya zo ɗaya, kuma wannan shi ne aikin da aka ƙirƙiri ISI domin shi. Da likitan da ya saba da ɗaki na farko zai ga sakan 19 ya ce magani ya yi kaɗan, ya ci gaba da ƙarawa har ɗaki na biyu ya nuna sakan 30, da INR na gaskiya ya kai 6.25, matakin da ake jin tsoron zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Duk da haka, ɗakunan biyu ba daidai suke ba wajen aminci, domin ƙarfin da ke gyara ninki shi ne kuma ke faɗaɗa kuskure. Idan mai gwaji ya makara da sakan ɗaya wajen tsayar da agogo, a ɗaki na farko INR zai tashi daga 2.50 zuwa 2.58, abin da ba zai sauya shawarar kowa ba, amma a ɗaki na biyu zai tashi daga 2.51 zuwa 2.78. Haka abin yake ga MNPT. Idan ɗakin gwaji bai fitar da nasa ba, ya ɗauki wata lamba daga takardar kamfani ko daga tsohon kwalin sinadari, a ce 13.5 a maimakon 12.0, to matar za ta fito da 2.2 a ɗaki na farko, a na biyu kuma 2.0, kuma a duka biyun za a ga kamar ta faɗo ƙasa da abin da ake nema mata alhali ba ta faɗo ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake ba da shawarar sinadari mai ƙaramin ISI, kuma a ganina ɗakin gwajin da ke aiki da hannu ko da ƙaramin inji ya fi kowa buƙatar bin wannan shawara, ko da sinadarin ya fi tsada.

Kuskuren da ya fi muni shi ne shigar da ISI da ba na sinadarin da ke kan teburi ba. ISI na kowane rukunin sinadari daban yake, yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin, sau da yawa ma lambobi daban-daban ne ga injuna daban-daban, domin injin da ke gane guda ta hanyar haske da wanda ke gane shi ta motsin 'yar ƙwallon ƙarfe ba sa tsayar da agogo a lokaci ɗaya. A ce sinadarin da aka saba saye mai ISI 1.1 ya yanke a kasuwa, aka kawo wani mai 1.6, aka manta ba a sauya lambar a inji ba. Majiyyacin da ninkinsa ya zo 2.5 za a rubuta masa INR 2.7, likita ya ce madalla, alhali na gaskiya 4.3 ne. Irin haka ta taɓa faruwa a wani asibiti a Philadelphia a shekarar 2001, inda aka shafe makonni ana lissafi da ISI na kusan 1.0 alhali na sinadarin ya ɗan haura 2.0, kuma mutum biyu suka rasu. Abin da ke sa wannan kuskure ya ɓuya shi ne abin da muka gani a baya, cewa 1.0 ba ya motsi ko da wane ƙarfi. Idan ɗakin gwaji yana duba ingancin aikinsa da ruwan jinin gwaji na mai lafiya kaɗai, zai riƙa samun INR 1.0 kowace safiya komai ɓacin ISI ɗin. Sai an haɗa da ruwan gwaji mai tsawon PT, wanda aka san INR ɗinsa, sannan kuskuren zai bayyana. Wata alamar kuma ita ce a ga majiyyata da yawa da suka daɗe a daidai sun karkata gefe guda a mako guda ba tare da sun sauya magani ko abinci ba. Likitan da ya ga haka zai iya tambayar ɗakin gwaji MNPT da ISI, ya ɗauki PT ɗin da ke takarda ya sake lissafin da na'urar lissafi ta wayarsa cikin minti ɗaya.

Akwai kuma kurakuran da ke shiga tun kafin jini ya isa ga sinadari, waɗanda babu lissafin da zai gyara su. Kwalbar da ba a cika ta zuwa layinta ba tana barin sitiret ya yi yawa, ya cinye wani ɓangare na kalsiyam ɗin sinadari, PT ya yi tsawon ƙarya. Haka yake faruwa ga wanda ƙwayoyin jininsa suka haura kashi 55 cikin ɗari, domin ruwan jininsa kaɗan ne, sai an rage masa sitiret. Ba a kuma ajiye jinin PT a firji ko a kan ƙanƙara, domin sanyi na tayar da fakta ta VII ya gajarta lokacin, abin da ya kamata masu aika jini daga nesa a lokacin zafi su kiyaye. Waɗannan daban suke da sauyi na gaskiya da ke faruwa a jikin majiyyaci, kamar tashin INR bayan shan Filajil ko Seftirin, ko faɗuwarsa bayan fara rifamfisin na tarin fuka, ko bayan an ƙara cin alayyahu da kabeji fiye da yadda aka saba.

Iyakar INR tana nan a cikin mutanen da aka yi amfani da jininsu wajen fitar da ISI. Su 60 ɗin nan duka masu shan wafarin ne da maganin ya zauna musu, waɗanda faktocinsu na II da VII da X suka ragu tare, fakta ta V da faibirinojin kuma suna nan lafiya. A kan wannan yanayi ne kaɗai aka tabbatar da miƙaƙƙen layin, kuma a tsakanin INR 1.5 da 4.5. Sama da haka sinadarai sukan fara saɓa wa juna, don haka INR 8 a wani ɗaki yana iya zama 6 ko 10 a wani, ko da yake dukkansu saƙo ɗaya suke isarwa game da haɗari. A kwanakin farko na magani, lokacin da fakta ta VII kaɗai ta faɗi, sinadarai ma ba sa daidaita sosai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ake haɗa wa mai sabon gudan jini allurar hefarin, wani maganin hana daskarewa, na aƙalla kwana biyar. Mai ciwon hanta kuwa fakta ta V ɗinsa ma ta ragu, saboda haka ISI da aka fitar daga masu wafarin ba ya daidaita sakamakonsa tsakanin ɗakunan gwaji yadda ake zato, kuma INR 2.5 a wurinsa ba ya nufin yana da kariya daga gudan jini, tunda hantar ta rage ƙera masu hana daskarewa kamar yadda ta rage masu jawo ta. Masu shan sababbin magunguna irin su ribarokzaban su ma PT ɗinsu kan yi tsawo da wani sinadari ya ƙi yi da wani, kuma ISI ba ya gyara wannan bambanci, don haka ba a daidaita musu magani da INR.